Saƙon Alhaji Zuwa Lome: *Tu* Ko *Vous*?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Maraɗi. Mahaifina ɗan kasuwar atamfa ne, shekara shida ke nan yana sarin kaya a wurin wata mata a Lome wadda ba ta jin Hausa, shi kuma ba ya jin Faransanci. Da can wani yaron shagonsa ne yake rubuta masa saƙo, da ya bar aiki sai abin ya dawo kaina. Makon jiya Baba ya ce in rubuta mata: "Madam, ina kwana, ina gajiya? Yaya iyali, yaya kasuwa? Don Allah ki duba mini maganar kayan nan, yau kwana ashirin ke nan shiru. Ki turo mini lambar direban. In kaya sun iso zan cika miki sauran kuɗinki. Ki gaida yara. Allah ya bar zumunci." Da na ji yana cewa "ki", sai na rubuta: *Bonjour. Regarde l'affaire de la marchandise, ça fait vingt jours. Envoie-moi le numéro du chauffeur. Je vais te payer le reste après.* Amsarta ita ce *Bonjour Monsieur. Bien reçu.* kawai, alhali kullum da *Bonjour El Hadj, comment allez-vous ?* take farawa. Baba ya ce na ɓata masa hulɗa. Shin ba *tu* ne "ke" ba? Sannan akwai ɗanta, sa'ana ne, shi yake lodin kaya. Me zan riƙa rubuta masa idan Baba ya ba ni saƙo?

Amsa

Wa'alaikumus salam, ɗana. Teburin nan da aka koya mana a lakwal, wanda aka jera *je, tu, il* a gefe ɗaya, "ni, kai ko ke, shi" a ɗaya gefen, gaskiya ya faɗa game da lissafin mutane, amma iyakarsa ke nan. Idan Bahaushe ya ce "ke", abu biyu ya sanar: mutum ɗaya yake yi wa magana, kuma mace ce. Bai ce komai ba game da girmanta ko kusancinsa da ita. Idan mai Faransanci ya ce *tu*, shi ma abu biyu ya sanar, sai dai na biyun dabam ne: mutum ɗaya yake yi wa magana, kuma babu shamaki tsakaninsu. Ko namiji ne ko mace, *tu* bai damu ba. Don haka duk lokacin da ka ɗauki "ki" ka mayar da shi *tu*, ka zubar da jinsin da Hausa ta ambata, ka kuma ƙara wata magana da mahaifinka bai yi ba, wato cewa shi da matar nan sun saba har sun wuce kara.

Hujjar wannan tana cikin bakinmu kullum. Talaka yana faɗuwa a gaban sarki ya ce "ranka ya daɗe", ya ce "Allah ya ja zamaninka", ya ce "Allah ya taimake ka", duk da wakilin suna na mutum ɗaya, kuma babu dogarin da zai ɗaga masa bulala don ya ce "ka". Da wannan "ka" ɗin ne kuma yake kiran ɗansa ɗan shekara biyar ya ce "zo ka ci abinci". Tunda kalma ɗaya ta isa ga sarki ta isa ga yaro, ka san ba a cikinta Hausa ta ajiye ladabi ba. Ta ajiye shi a laƙabin da ka kira mutum da shi, da tsawon gaisuwar da ka yi kafin ka shiga magana, da "don Allah" da "in ba damuwa", da sunan da ka ƙi faɗa saboda kunya, da addu'ar da ka rufe da ita. Tana kuma ajiye shi a wata dabara da muke yi ba tare da mun lura ba, ta kauce wa nuna mutum kai tsaye: "an tashi lafiya?", "a taimaka a duba mana", "an dawo?". Akwai masu ce wa babba ko suruki "ku" ko da shi kaɗai ne, amma wannan bai zama wajibi ga kowa ba, kuma wanda ya ce wa mahaifinsa "Baba, ka dawo?" bai yi rashin kunya ba.

Yanzu ka sake sauraron saƙon mahaifinka da wannan kunnen. Ya fara da laƙabi. Ya yi tambaya huɗu ta gaisuwa kafin ya taɓa maganar kaya. Ya sa "don Allah" a gaban buƙatarsa. Ya yi alkawarin ciko ba tare da an tambaye shi ba, ya aika gaisuwa ga yara, ya rufe da addu'a. Duk wanda ya ji wannan a Hausa ya san dattijo ne yake yi wa abokiyar ciniki da yake ganin mutuncinta magana. Abin da ya isa Lome kuwa, babu laƙabi a cikinsa, babu gaisuwa sai kalma ɗaya, babu *s'il vous plaît*, babu addu'a, sai umarni biyu tsirara, *regarde* da *envoie-moi*, irin waɗanda maigida yake ba yaron aike. Ina so ka lura da wannan sosai, domin laifin bai tsaya a kan *tu* kaɗai ba. Ka cire duk wuraren da Hausa ta zuba ladabinta saboda ka ɗauke su ado ne, sannan a wurin da Faransanci yake zuba nasa ka zaɓi kalmar da ba ta da shi. Saƙon ya rasa ta nan, ya rasa ta can.

Kada kuma ka fahimci cewa *tu* kalmar raini ce, domin wannan kuskuren shi ne ƙanin na farko, kuma ni kaina na taɓa faɗawa cikinsa. Ina sabon malami wata tsohuwa a unguwarmu ta kira ni in rubuta wa jikarta wasiƙa, yarinyar da aka haifa a Faransa, ba ta jin Hausa sai "sannu". Saboda ina ganin wasiƙa abu ne na hukuma, kuma tsohuwar tana ta kiran yarinyar da "uwar ɗakina" cikin wasan kaka da jika, sai na zuba *vous* daga sama har ƙasa. Bayan wata biyu uban yarinyar ya aiko yana tambaya ko Kaka fushi take yi da ita, domin ta karanta wasiƙar ta ce kamar daga ofishin magajin gari ta fito. A gidajen Faransawa, in ban da 'yan tsiraru masu riƙe da tsohuwar al'ada, yaro *tu* yake ce wa uwarsa da ubansa da kakanninsa. Masu fassara Fatiha zuwa Faransanci ma da *Toi* suke fassara "Kai kaɗai muke bauta wa". Wanda ya fi kowa girma a wurinka yana iya zama wanda kake ce wa *tu*, matuƙar yana cikin gida ko cikin zuciya. Surukai kuwa sau da yawa *vous* ake ce musu shekara da shekaru, ko da ana cin abinci a faranti ɗaya.

A 1960 wasu masana biyu, Roger Brown da Albert Gilman, suka yi nazarin irin waɗannan kalmomi a harsunan Turai, suka nuna cewa ma'auni biyu ne suke juya su: wane ne yake sama da wani, da kuma yaya kusancinsu yake. Amfanin wannan a gare ka shi ne ya ba ka tambayoyin da za ka yi kafin ka taɓa waya. Matar nan ba ta ƙarƙashin mahaifinka. Ita ce mai kaya, kuma bashinta ne a kansa. Ba 'yar'uwarsa ba ce, ba su tashi tare ba, kuma namiji ne dattijo yake rubuta wa matar da ba muharramarsa ba. Manyan matan da suke riƙe da cinikin atamfa a babbar kasuwar Lome, magadan waɗanda aka yi wa laƙabi da Nana Benz tun shekarun 1970, mutane ne da suka san darajar kansu, suka saba hulɗa da bankuna da kamfanonin Turai a rubuce. Duk ta inda ka auna, *vous* ne yake fitowa.

Wani zai ce maka ai a Afirka ba a tsananta wannan, kuma yana da rabin gaskiya. A Yamai da Abijan da Lome za ka ji saurayi ya ce wa babbar mace *Maman, tu as bien dormi ?* ko *Tantie, tu vas où ?*, ba ta ji komai ba sai daɗi. Amma duba abin da ya riga *tu* ɗin fitowa. Kalmar dangantaka ce, wadda ta shigar da matar cikin gida tukuna, sannan *tu* ya biyo baya a matsayin na ɗa da uwa. Wannan tsarin, in ka lura, irin namu ne na Hausa aka ɗora wa Faransanci: laƙabi ya ɗauki nauyin girmamawa, wakilin suna ya huta. Yana aiki a baki, fuska da fuska, inda murya da murmushi da rusunawa suke taimakawa. A rubuce, a kan maganar kuɗi da jinkirin kaya, daga lambar da ba ta taɓa aiko da *tu* ba, babu ɗaya daga cikin waɗannan mataimakan da yake nan. Akwai kuma wani tabo da mutanen da suka manyanta ba su manta ba: a zamanin mulkin mallaka Bature yana ce wa baƙar fata *tu* ko da dattijo ne mai furfura, shi kuwa dole ya mayar da *vous*. A Faransa kanta *tu* daga bakin wanda ba ka sani ba abu ne mai nauyi, har dokar ɗa'ar 'yan sanda da jandarmomi da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2014 ta wajabta musu ce wa jama'a *vous*.

Amma hujjar da ta fi duk waɗannan ƙarfi tana cikin wayar mahaifinka, kuma kai da kanka ka kawo ta. Wadda take buɗe saƙo da *comment allez-vous* ta riga ta faɗa maka yadda take so a yi. Ƙa'idar farko ga duk wanda ya gaji aikin tafinta a tsakiyar hulɗa ita ce ya koma sama ya karanta saƙonnin da suka gabata, nata da na wanda ya riga shi, kafin ya rubuta harafi ɗaya. Abin da za ka nema bai da yawa: *vous*, *votre*, *vos* da aikatau masu ƙarewa da *-ez* a gefe ɗaya, *tu*, *te*, *toi*, *ton*, *ta*, *tes* a ɗaya gefen. Ko gajerun kalmomin waya suna tona asiri, domin *svp* na *vous* ne, *stp* na *tu* ne. Shekara shida ana tafiya a kan *vous*, rana ɗaya aka sauya ba tare da sanarwa ba, kuma a cikin saƙon ƙorafi. Daga inda take zaune, fassara mafi sauƙi ita ce Alhaji ya fusata har ya daina ganin girmanta. Shi ya sa ta sauke *El Hadj* ta ɗauko *Monsieur*, wanda ladabi ne cikakke amma mai sanyi, kamar a ce wanda ka saba kira "Baba Alhaji" yau ka ce masa "Malam".

A nan akwai tarko guda da ya kamata ka sani, domin *vous* fuska biyu gare shi: na girmama mutum ɗaya, da na jam'i, wato "ku". Idan ta rubuta *vous*, mai yiwuwa Alhaji take nufi, mai yiwuwa kuma ku duka 'yan shagon. Ana ganewa ta ƙarshen kalmar da ta biyo baya. *Vous êtes bien arrivé ?* mutum ɗaya ne namiji, *vous êtes bien arrivés ?* jama'a ne, kuma idan kai ne kake rubuta mata sai ka ce *vous êtes bien arrivée ?* da *e* a ƙarshe. Ka ga inda "ke" ɗin Hausa ya koma ya ɓuya, a wutsiyar kalma. Haka nan idan mahaifinka ya ce "ina kwananku" ko "yaya kuka ji da zafi", galibi ita da mutanen gidanta yake nufi, kuma *vous* kaɗai ba zai nuna haka ba, sai ka ƙara *vous et votre famille* ko *vous tous*.

Ga yadda zan mayar da saƙon nasa, ka kwatanta jimla da jimla:

*Bonjour Madame, j'espère que vous allez bien, ainsi que toute votre famille, et que le marché se passe bien. Je reviens vers vous au sujet de la marchandise : cela fait vingt jours que je suis sans nouvelles. Pourriez-vous, s'il vous plaît, m'envoyer le numéro du chauffeur ? Dès que la marchandise sera arrivée, je vous réglerai le solde. Mes salutations aux enfants. Que Dieu préserve notre bonne entente.*

Gaisuwa huɗu sun dunƙule sun zama jimla ɗaya, domin a rubutun Faransanci jerin tambayoyi huɗu a jere yana kama da bincike, amma iyali da kasuwa duk suna nan ba su ɓace ba. "Ina gajiya" na bar shi ya narke cikin fatan lafiya, saboda idan ka tambayi mai Faransanci labarin gajiyarsa kai tsaye zai iya ɗauka ka ga alamar rashin lafiya a tare da shi, ko da yake a Nijar *et la fatigue ?* gaisuwa ce da kowa ya sani. Inda aikin yake shi ne "ki turo mini". A Hausa wannan siga ta "ki" da aikatau ita ce ta roƙo, ta fi "turo mini" laushi, musamman da "don Allah" a kusa. A Faransanci matakai ne kamar na tsani. *Envoie-moi* na ƙasa ne, na aboki ko yaro. *Envoyez-moi* ya hau mataki ɗaya amma har yanzu umarni ne, don haka canza *tu* zuwa *vous* kaɗai ba zai wanke saƙonka ba. *Veuillez m'envoyer* da *merci de m'envoyer* harshen ofis ne, na wanda yake da ikon a yi masa, kuma da yawa suna ruɗuwa da *merci* ɗin su ɗauka godiya ce. *Pourriez-vous m'envoyer* tambaya ce da ta bar wa mutum ƙofar amsawa, ita ce ta fi kusa da abin da mahaifinka ya faɗa. Ka guji *il faut m'envoyer*, wanda ya zama ruwan dare a bakinmu a matsayin roƙo, amma a kunnen wanda ya yi boko mai zurfi "dole ne" yake nufi.

Ka lura kuma ban taɓa kwana ashirin ɗin ba. Mahaifinka ƙorafi yake yi, kuma yana da haƙƙin a isar da ƙorafinsa da nauyinsa. Da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 kaya daga Lome suka riƙa bi ta Burkina Faso cikin ayarin motoci, jinkiri ya zama abin da kowane ɗan kasuwa yake fama da shi, kuma mai kuɗi a hanya dole ya tambaya. Wasu matasa idan sun ƙone sau ɗaya sai su koma su cika saƙo da ban haƙuri har buƙatar ta nutse, uba ya yi ta jiran lambar direba ba ta zo ba. *Vous* ba ya rage wa magana kaifi. Ana iya neman bashi da shi, ana iya yin faɗa da shi, kuma sau da yawa ya fi *tu* cizo.

Game da ɗanta, amsar ta rataya ne a kan bakin wa kake ara a lokacin. Idan saƙon Alhaji ne, to dattijo ne yake yi wa sa'an ɗansa magana, kuma Faransanci ya yarda babba ya ce wa yaro *tu* yaron ya mayar da *vous*, ba tare da kowa ya ji an ci zarafinsa ba. A ranar 18 ga Yuni 2018, wajen wani bikin tunawa a Mont Valérien kusa da Paris, wani ɗan makaranta ya kira shugaban Faransa Emmanuel Macron da "Manu". Shugaban ya tsaya ya gyara masa cewa ya kira shi *Monsieur le président* ko *Monsieur*, kuma duk gyaran da *tu* ya yi masa shi. Sai dai wancan yaro ne ɗan sakandare, wannan kuwa baligi ne da yake riƙe da wani ɓangare na kasuwancin uwarsa. Don haka ka duba abu biyu. Na farko, yaya mahaifinka yake kiransa a Hausa? Na biyu, sun taɓa haɗuwa? Idan "yaron nan" ne ko "ɗana", kuma sun taɓa haɗuwa a Lome ya ɗaukar masa jaka, yana kuma rubuto *Papa* ko *Tonton*, to *tu* tare da *mon fils* daidai ne, zai ma ji daɗinsa. Idan kuwa ba su taɓa ganin juna ba, hulɗar duk ta lissafin dila da rasit ce, sai ka bi hanyar tsakiya da Faransawa suke bi a wuraren aiki: sunansa na yanka tare da *vous*, ba tare da *Monsieur* ba. Wannan ya nuna an san shi, an kuma ɗauke shi babban mutum.

Idan kai ne kake yi masa magana da bakinka, sa'a da sa'a, *tu* ne abin da zai zo da kansa bayan saƙo ɗaya ko biyu, kuma idan kana shakka tambaya ɗaya ta isa: *On peut se tutoyer ?* Matsalar ita ce waya ɗaya kuke amfani da ita. Ran da ka rubuta masa *tu* na abota daga lambar Alhaji, gobe kuma ka rubuta *vous* na Alhaji daga lambar nan dai, ba zai san da wa yake magana ba. Ko dai ka riƙa yi masa taka maganar daga taka lambar, ko ka buɗe da *C'est le fils d'El Hadj qui écrit*. Ita kuwa uwar, ko da bakinka kake magana, *vous* ne har abada sai in ita ta ce ka daina. Al'adar ita ce babba ne yake ba da izinin *tu*, ƙarami ba ya nema, kuma ban ga dalilin da zai sa Alhaji ya nemi wannan izini daga matar wani ba.

Akwai lokutan da za ka rasa tabbas, misali sabon direba ko wani ma'aikacin fito da ba ka san shekarunsa ba. Fara da *vous*, domin wanda aka ce wa *vous* alhali *tu* yake so zai yi dariya ya ce a sassauta, wanda aka yi wa akasin haka kuwa ba zai ce komai ba, sai dai ka ga amsarsa ta gajarce. Kana kuma iya yin abin da Hausa take yi da "an", ka gina jimlar da ba ta nuna kowa: *Comment va la famille ?*, *Le camion est bien parti ?*, *Bonne arrivée*. Wannan yana saya maka saƙo ɗaya ko biyu har ka ga da wace kalma shi zai amsa, amma ba a iya tafiyar da hulɗa gaba ɗaya a haka. Abin da ya fi kowanne muni shi ne gauraya, irin *je vous prie de m'envoyer ton numéro*, wadda take faruwa idan mutum ya gyara farkon jimla ya manta ƙarshenta. Kafin ka aika kowane saƙo na *vous*, ka bi shi da ido sau ɗaya kana farautar *te*, *t'*, *toi*, *ton*, *ta*, *tes* da *stp*, domin a nan suke maƙalewa.

Saura gyaran abin da ya riga ya faru. Kada ka koma *vous* shiru kamar ba a yi komai ba. A Faransanci komawa *vous* bayan *tu* alama ce ta ja da baya, kuma tana iya karanta shi a matsayin mataki na biyu na fushin Alhaji. Jimla biyu sun isa su warware, a sa su a gaban saƙon da na rubuta a sama:

*Madame, mon dernier message a été traduit par mon fils, qui débute et qui vous a tutoyée par erreur. Je vous prie de l'en excuser.*

Kada ka tsawaita fiye da haka, kada kuma ka aika ba da sanin mahaifinka ba, tunda da sunansa za ta fita. Ka zauna ka karanta masa ma'anarta da Hausa kalma da kalma. Idan ya tambaye ka mene ne ainihin kuskuren, kada ka shiga yi masa darasin nahawu. Ka ce masa a Faransanci akwai "ke" ta 'yan gida da "ke" ta manyan baƙi, kai kuma ka yi amfani da ta 'yan gida, ka kuma yanke gaisuwarsa, sai saƙon ya fita kamar an kira Hajiya da sunanta tsirara a gaban jama'a. Zai gane nan take, domin ya fi ka sanin abin da hakan yake jawowa a kasuwa. Ina kuma ba da shawara ya ɗauki murya da kansa ya gaishe ta da Hausa, ko na daƙiƙa ashirin ne, a tura tare da rubutun. Ba za ta fahimci kalmomin ba, amma shekara shida tana jin wannan muryar, za ta san ko ta mai fushi ce ko ta mai gaisuwa.

Daga yau, duk sanda ya ba ka saƙo zuwa ga wanda ba ka sani ba, ka tambaye shi abu uku kafin ka fara: wa ya girmi wani, sun taɓa cin abinci tare, kuma da wane suna yake kiransa idan sun haɗu. Ka buɗe shafi a bayan littafin lissafin shago, ka rubuta sunan kowane abokin hulɗa, a gabansa laƙabin da ake kiransa da shi da *tu* ko *vous*, domin ran da ka yi tafiya ƙaninka ya karɓi wayar ya tarar da shi a rubuce.